Batirin Masallacinmu da Wayoyin Unguwa

  

Duk wanda yake zaune a arewacin Kamaru ya san yadda muke da wutar lantarki. Mafi yawan wutar Garwa da Marwa daga madatsar ruwa ta Lagdo take fitowa, wadda aka kammala a kan kogin Binuwai a shekarar 1982, mai ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya wuta ma sai ta ja baya. A shekarar 2023 an ƙaddamar da manyan tashoshin hasken rana a Marwa da Gider, abin ya ɗan yi sauƙi cikin gari, amma unguwannin bayan gari irin tamu da ƙauyukan da igiya ba ta kai ba har yanzu dabararsu ce take fisshe su. Wannan ya sa sana'ar cajin waya ta yaɗu, kuma masallatai da makarantun allo da yawa suka ɗora farantin sola a kan rufi. Abin da nake so in rubuta a kai shi ne abu guda da na ga yana karya masu wannan sana'a, wato mutuwar batir tun kwanansa bai kai ba, da lissafin da yake hana hakan. Zan kawo misalin masallacin da mahaifina yake limanci, domin shi na sani ciki da waje.

Jama'ar masallacin sun yi karo-karo sun sayi faranti ɗaya mai ƙarfin wat 150, da batir ɗaya wanda aka rubuta 12 V 100 Ah a jikinsa, da rigilata, wato ɗan akwatin da yake tsakanin faranti da batir yana daidaita caji, da kuma infata mai mayar da wutar batir irin ta gidan wuta. Niyyar ita ce lasifika ta yi kiran salla, fitilu huɗu su haskaka wa almajirai karatun dare, sannan a riƙa yi wa mutanen unguwa cajin waya da ɗan kuɗi kaɗan domin kayan su riƙe kansu. Niyya mai kyau ce, sai dai ba a ɗora wa kowa alhakin kayan ba, mabuɗin ɗakin yana rataye a ƙusa, kowa yakan kawo wayarsa bayan magariba idan ya dawo daga gona ko kasuwa. Wata takwas aka yi, ranar nan ladan ya tashi kiran asalatu, lasifika ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru. Batirin da aka saya sefa 90,000 ya mutu. Aka yi ta zargin ɗan kasuwar da ya sayar da shi, wasu kuma suka ce farantin ne jabu. A nan ne Malam ya kira ni, ya ce tunda na yi lissafi a lise, in bincika in gaya wa jama'a gaskiyar abin da ya faru kafin a sake neman kuɗin kowa.

Wani dattijo mai gyaran wuta a babbar kasuwa shi ne ya zaunar da ni ya nuna mini hanyar. Ya ce in ɗauki faranti kamar rijiya, batir kuma kamar randa. Ba a tambayar girman randa kafin a san abin da rijiya take bayarwa a wuni. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa wat-awa, ma'ana abin da kaya mai cin wat ɗaya zai sha cikin awa ɗaya. Farantin wat 150 yana samun kimanin awa 5 na cikakkiyar rana a ƙasarmu, wanda ya kama wat-awa 750 a takarda. Amma zafi yana rage ƙarfin faranti, ƙura tana ragewa, igiya da rigilata da batir kowanne yana cin nasa rabon, don haka mai hankali yakan ɗauki kashi biyu cikin uku kawai. Rijiyarmu ke nan tana ba da wat-awa 500 a wuni mai kyau. Batirin kuwa, idan aka ninka bolt 12 sau 100, yana ɗaukar wat-awa 1,200, sai dai batirin dalma ba ya son a sha fiye da rabinsa, kuma gwargwadon yadda aka rage shan sa gwargwadon yadda zai daɗe.

Daga nan muka koma ga masu sha. Lasifika mai wat 60, idan aka haɗa kiran salloli biyar da karatun liman, tana aiki kamar awa ɗaya a wuni. Fitilu huɗu masu wat 5 kowace, na awa 4, suna shan wat-awa 80. Haƙƙin masallaci duka bai wuce wat-awa 150 ba. Babbar waya mai shafawa, irin wadda batirinta yake da 5000 mAh, tana shan kimanin wat-awa 25 idan aka haɗa da asarar caja, ƙaramar waya mai maɓallai kuwa kamar wat-awa 5. A lokacin ana kawo manya wajen goma da ƙanana wajen ashirin, jimillarsu wat-awa 350. Idan aka tara da na masallaci sai a ga 500 cif, daidai da abin da faranti yake bayarwa, har mutum ya ce to ina matsalar take.

Matsalar tana wuri biyu. Na farko shi ne infata. Wannan na'ura ko ba a jona mata komai ba, muddin tana kunne tana cin abincinta, tamu tana cin kimanin wat 10. Tunda ba wanda yake kashe ta dare da rana, a awa 24 tana shanye wat-awa 240, kusan rabin abin da rana ta ba mu, ba tare da ta cika ko waya ɗaya ba. Ana samun 500 ana kashe 740, giɓin kuwa daga cikin randa ake ɗiba kullum, har randar ta koma zaune a ƙasa ba ta ƙara ganin cika ba. Na biyu shi ne lokaci. Duk cajin da dare ake yin sa, lokacin da faranti yake barci, saboda haka kowace waya sai ta bi ta cikin batir ta kwashe shi. Rigilata tana da dabarar yanke wuta idan batir ya yi ƙasa sosai domin ta cece shi, amma infatar kai tsaye take jone da kan batir, kuma da aka ga fitilu suna mutuwa da wuri sai wani mai son taimako ya ɗauke igiyarsu daga rigilata ya ɗaura a kan batir su ma. Ta haka aka kori mai gadi aka bar ƙofa a buɗe.

Abin da yake faruwa a cikin batirin da ya daɗe bai cika ba shi ne wani farin gishiri yana taruwa a kan farantan dalmar da ke cikinsa. Idan aka cika batir da wuri gishirin yakan narke ya koma cikin ruwan asid, idan kuwa aka bar shi kwanaki sai ya daskare, kuma wurin da ya daskare ya daina ɗaukar wuta ke nan. Randa ce take ƙanƙancewa daga ciki alhali daga waje girmanta bai sake ba. Alamar wannan cuta tana ruɗin mutane ƙwarai, domin batirin yakan nuna ya cika tun da hantsi, mai shi ya yi murna, amma ana idar da isha'i ya riga ya faɗi. Batirin da yake saurin cika yake saurin ƙarewa ya kama hanyar mutuwa. Ga kuma zafi: masu ƙera batir suna auna kwanansa a kan digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanan biyu. Namu yana ajiye a ɗaki mai rufin kwano ba taga, a garin da zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40.

Na karanta wa jama'a wannan lissafi bayan sallar Juma'a, ɗan kasuwa ya fita daga zargi, aka sake karo-karo, Malam kuma ya damƙa mini mabuɗi a gaban kowa. Ga abin da muka sake. Mun cire infata daga harkar caji gaba ɗaya, domin waya bolt 5 take buƙata, kuma ba hikima ba ce a ɗaga wuta daga 12 zuwa 220 sannan a sake sauko da ita. Mun sayi irin cajar da ake jonawa a mota, masu baki biyu-biyu, muka jera su a kan katako, muka jona su a bakin da rigilata ta ware wa kaya, domin ta iya yankewa idan batir ya galabaita. Lasifikarmu tana da wurin shigar bolt 12, fitilun ma muka musanya da masu bolt 12. Mun sa fis a kan igiyar batir, kusa da kansa ƙwarai, saboda batir irin wannan idan igiyoyinsa suka haɗu yana iya narka ƙarfe ya tayar da gobara. Wajen haɗawa kuma batir ake fara jonawa da rigilata kafin faranti, wajen kwancewa a fara cire faranti. Batirin muka mayar da shi zaure mai iska, a kan katako, nesa da inda ake hura wuta, domin yana fitar da iska mai kamawa idan yana caji.

Babban sauyin dai shi ne na lokaci. Muka yanke cewa ana karɓar waya daga bayan asuba, a fara caji da ƙarfe goma, a rufe da la'asar. Hikimar ita ce daga fitowar rana zuwa hantsi a bar faranti ya mayar wa batir abin da aka sha da dare, daga nan kuma wayoyi su riƙa sha daga abin da rana take zubowa a lokacin, batir yana gefe ba a taɓa shi sai kaɗan. Tsakar rana farantinmu yana ba da wajen wat 100, babbar waya kuma tana jan wajen wat 10, shi ya sa ba ma jona duka a lokaci guda, mukan raba su zubi biyu. Da wannan tsari abin da ake ɗiba daga batir da dare bai kai wat-awa 200 ba, wato kashi ɗaya cikin shida na cikinsa.

Wannan doka ba ta yi wa mutane daɗi ba, kuma suna da hujja, domin manomi da ɗan kasuwa da rana suke buƙatar wayarsu. Wani dattijo maƙwabcinmu, abokin Malam tun suna yara, ya zo bayan magariba da wayarsa a hannu. Na gaishe shi na ce, "Baba, a yi mini haƙuri, an rufe sai gobe da safe." Ya ce, "Ɗana, da kuɗina a cikin farantin nan, yanzu kai ne za ka hana ni?" Na ce, "Baba, ba ni na hana ba, idan na buɗe muku sai na buɗe wa mutum talatin, kuma kafin azumi ya zagayo za a sake zuwa ƙofarku neman kuɗin batir." Ya tafi ransa a ɓace ya kai ƙarata wurin Malam. Hukuncin da Malam ya yanke shi muke bi har yau. Ya ce dokar ta zauna, amma a ware gurbin waya uku kowane dare ga gidan da ke da mara lafiya ko mai naƙuda ko baƙo matafiyi, kuma waɗannan ba a karɓar musu ko sisi. Na duba lissafi na ga waya uku wat-awa 75 ne, batir zai ɗauka. Mutane kuma a hankali suka saba: wanda zai tafi gona ya bar babbar waya ya riƙe ƙarama, ko ya aiko yaro da ita da hantsi.

Yadda nake sanin lafiyar batir ba wuya, ƙaramin ma'aunin bolt ya isa. Sharaɗin kawai shi ne a auna bayan batir ya huta kamar awa ɗaya ko biyu ba caji ba kaya, domin awon da aka yi rana tana dukan faranti ba ya faɗin gaskiya. Batirin dalma da ya huta, idan ya nuna 12.7 a cike yake, idan ya nuna 12.2 rabi ya rage, idan ya sauka ƙasa da 12 an cuce shi. Nakan auna kafin kiran asalatu in rubuta a littafi, kuma da rana nakan duba ko rigilata ta kai wajen 14.4 kafin la'asar, wanda shi ne shaidar cewa batir ya ƙoshi a wannan wuni. Idan kwana biyu suka wuce bai kai ba, washegari nakan rage wayoyi zuwa rabi. Wannan yakan faru a watan Agusta saboda hadari, da kuma lokacin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hazo yake rufe rana ƙura kuma take kwanciya a kan gilashi. A hunturu almajirai sukan goge farantin kowace safiya da tsumma mai laushi da ruwa, tun gilashi bai yi zafi ba. Mun kuma sare reshen dogon yaro guda da yake jefa inuwa a gefen faranti bayan azahar, domin ƙwayoyin faranti a jere suke kamar tasbaha, inuwa a kan kaɗan tana rage ƙarfin sauran. Wanda batirinsa mai murfi ne, ya riƙa duba ruwa kowane wata, ya tabbata ya rufe farantan ciki, kuma tataccen ruwan batir na kwalba kaɗai zai ƙara, ban da ruwan rijiya ko asid.

Sai maganar kuɗi. Muna karɓar sefa 100 a babbar waya, 50 a ƙarama, wanda a wuni mai cika yakan kai sefa 2,000. Kuskuren masu wannan sana'a shi ne ɗaukar kuɗin duka a matsayin riba saboda rana kyauta ce. Rana kyauta ce, batir kuwa haya ake zaune a cikinsa. Batirin sefa 90,000 idan ya shekara biyu, kowace rana ya ci kusan sefa 125 ke nan, idan kuwa wata takwas ya yi, ya ci 375. Saboda haka kafin a taɓa komai mukan cire sefa 200 kullum a sa a asusun batir, wanda yake hannun ma'ajin masallaci ba hannuna ba, sauran kuma a biya yaron da yake zama da wayoyi, a sayi caja da igiyoyin da suke lalacewa. Batirinmu na biyu ya haura shekara biyu, kuma da ya gaji daga asusun aka sayi magajinsa, ba a nemi kowa ba. Yanzu akwai batirin litiyom a kasuwa, wanda ake iya shan mafi yawan cikinsa kuma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, sai dai ya fi tsada, yana son rigilatar da ta san shi, kuma alƙaluman awon da na kawo a sama ba su shafe shi ba.

Wasu sun ba da shawarar mu sayi ƙaramin janareta. Na yi masa lissafi shi ma. Ƙaramin injin yana shan wajen rabin lita a awa, ko waya biyar aka jona masa ko hamsin. A shekarar 2024 gwamnati ta kai litar fetur sefa 840, saboda haka awa 4 sun ci sefa 1,680 kafin a sayi baƙin mai, kusan duk cinikinmu na wuni. Janareta yana biya ne ranar kasuwa, inda za a tara waya sittin ko ɗari a zama ɗaya. Ga unguwa mai waya talatin, faranti ya fi.

Abu na ƙarshe da Malam ya fi tsananta mini a kai shi ne cewa wayar da aka bari a hannunmu amana ce, kuma a yau cikinta akwai kuɗin mutum da sirrin iyalinsa. Ya tunatar da ni cewa malamanmu na Malikiyya sun ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su su yi aiki a kai, kamar maɗinki da marini, ya ce mu ɗauki kanmu a wannan matsayi domin shi ya fi tsare haƙƙin mutane. Don haka kowace waya ana manna mata lamba, a ba mai ita kwali mai irin lambar, ba a ba da waya sai da kwalin. Mai waya yakan kashe ta da hannunsa a gabanmu, wanda hakan yana sa ta saurin cika kuma yana toshe ƙofar zato. Wayar da bayanta ya kumbura ba ma karɓa, domin irin wannan batir yana iya kamawa da wuta, kuma ba ma barin wayoyi a rana ko a tara su a kan juna. Sau ɗaya waya ta ɓata a hannun yaronmu, aka biya mai ita daga kuɗin ciniki, ba daga asusun batir ba.

Ga ɗan uwan da yake shirin fara wannan sana'a, ko kwamitin masallacin da yake tara kuɗi, shawarata ita ce a zauna da takarda tun ba a je kasuwa ba. A rubuta abin da faranti zai bayar, a rage kashi ɗaya cikin uku, a jera masu sha kowa da rabonsa, a ga ko za su ƙoshi, sannan a naɗa mutum ɗaya da za a tambaya, a ba shi mabuɗi da littafi. Allah Ya sanya albarka a cikin nemanmu, Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya haskaka gidajenmu da zukatanmu.